Yadda ake rubuta takardar sanar da iyaye sauyin lokacin tashi da ranar hutu

Uban da aka miƙa wa takarda daga makaranta tambaya ɗaya yake nema wa amsa: wace rana, ƙarfe nawa zan je in ɗauko yarona? Idan ya kai layi na huɗu bai samu amsar ba, zai ninke takardar ya ajiye, ya ce sai an jima. Galibi an jiman nan ba ya zuwa, sai ranar da mai gadi ya kira shi a waya ya ce an tashi tun ɗazu, ga yaro nan zaune a bakin ƙofa. Duk abin da ke cikin wannan jagora an gina shi ne a kan wannan tambaya, kuma misali ɗaya za mu bi daga farko har ƙarshe.

A ce makarantar firamare ce ta jeka-ka-dawo. Ana shiga ƙarfe 8:00 na safe, ana tashi ƙarfe 2:00 na rana daga Litinin zuwa Alhamis, ranar Juma'a kuma ƙarfe 12:00. Rufin wasu azuzuwa ya lalace, ba zai jira hutu ba, kuma masu aiki ba za su hau sama suna sauke kwano da katako yara na ƙasa ba. Shawarar da aka yanke ita ce a riƙa tashin yara ƙarfe 12:30 na tsawon mako huɗu, masu aiki su kama ƙarfe 1:00.

Kafin ka taɓa alƙalami

Abu na farko shi ne ka tabbata kai ne mai ikon yin sauyin. Lokacin tashi na 'yan makonni sau da yawa yana hannun shugaban makaranta da kwamitin gudanarwa. Ranakun zango kuwa, wato ranar komawa da ranar hutu, a wurare da dama ma'aikatar ilimi ce ko wata hukuma da ke saman makarantar take tsayar da su. Nemi amincewa a rubuce, ka sa kwafinta a fayil. Amincewar baki ko ta waya ba ta wadatar ba, domin ranar da wani ya kai ƙara, takarda za a tambaye ka. Kuma babu abin da ya fi zubar da girman ofis kamar a aika wa iyaye sanarwa yau, jibi a sake aika wata ana janye ta.

Abu na biyu shi ne lissafin abin da sauyin zai ci. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali shi ne abin da iyaye masu sa ido za su fara tambaya. A misalinmu kowane darasi minti 45 ne. Daga 12:30 zuwa 2:00 minti 90 ne, wato darasi biyu a rana. Kwana huɗu a mako abin ya shafa tunda Juma'a ba ta canza ba, ke nan darasi takwas a mako, darasi 32 a mako huɗu. Cikakken mako a wannan makaranta darasi 33 ne: bakwai-bakwai daga Litinin zuwa Alhamis, biyar ranar Juma'a. Ashe gyaran rufin zai cinye karatun kusan mako guda cur. Daga nan ne shawara ta biyu ta fito, cewa a ƙara mako ɗaya a ƙarshen zango, hutu ya tashi daga Juma'a 11 ga Disamba ya koma Juma'a 18 ga Disamba.

A nan akwai wani tarko. Idan aka ɗaga ranar hutu aka bar jarrabawa a inda take, makon da aka ƙara ya zama na banza, don bayan jarrabawa ba a wani karatun kirki, malamai suna ta makin takardu, yara suna ta wasa. Dole jarrabawar ma ta matsa da mako guda, daga Litinin 30 ga Nuwamba zuwa Litinin 7 ga Disamba. Ka ga yanzu abin da ya fara a matsayin sauyi ɗaya ya zama uku, kuma duka ukun sai sun shiga takarda ɗaya. Idan ka sanar da lokacin tashi yanzu, ka bar zancen hutu sai Nuwamba, za ka tarar wasu iyayen sun riga sun tsara tafiyarsu bisa tsohuwar rana.

Abu na uku, mutanen cikin gida su riga iyaye sani. Malaman aji, mai gadi, direban motar makaranta idan akwai, da wanda ke zama a ofis yana amsa waya. Tara su na minti goma, ka karanta musu ranakun da bakinka. Tambayi direba ko zai iya juya zuwansa zuwa 12:30, domin wani direban yana da wata makarantar da yake ɗauka a daidai wannan lokaci, kuma gara ka ji haka yanzu. Uwa za ta tare malamar ajin ɗanta a bakin ƙofa ta ce, "Malama, wai da gaske za a riƙa tashi da wuri?" Idan malama ta ce ita ma ba ta ji ba, takardarka ta mutu tun kafin ta isa gida.

Tsarin takardar

Shafi ɗaya ne, ba ya wucewa. A sama sunan makaranta da adireshi da lambar wayar ofis, sai ranar da aka rubuta, sai lambar takarda idan ofishinku yana ba takardu lamba. Kan magana ya faɗi sauyin da kansa. "Sanarwa ta musamman" ko "Muhimmiyar sanarwa ga iyaye" ba su gaya wa kowa komai ba, kusan kowace takarda haka take farawa. Rubuta "Sauyin lokacin tashi daga 12 ga Oktoba, da sauyin ranar hutu". Wanda bai karanta komai ba sai wannan layi ya riga ya san rabin labari.

Gaisuwa layi ɗaya ta isa. Bayanta nan take sai sauyin: me ya canza, daga yaushe, zuwa yaushe, su wa ya shafa. Dalili ya biyo baya, ba ya gaba. Masu rubutun ofis suna da ɗabi'ar fara takarda da tarihi, yadda kwamiti ya zauna, yadda aka duba, yadda aka yi dogon nazari, sai a sakin layi na uku lokacin tashi ya leƙo. Juya wannan tsari gaba ɗaya.

Ga yadda takardar misalinmu za ta kasance:

> Litinin, 28 ga Satumba, 2026
>
> Zuwa ga iyaye da masu riƙon yara,
>
> Sauyin lokacin tashi daga 12 ga Oktoba, da sauyin ranar hutu
>
> Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da ku cewa daga Litinin 12 ga Oktoba zuwa Juma'a 6 ga Nuwamba, 2026, za a riƙa tashin yara ƙarfe 12:30 na rana maimakon ƙarfe 2:00, daga Litinin zuwa Alhamis. Wannan ya shafi dukkan azuzuwa. Ranar Juma'a za a ci gaba da tashi ƙarfe 12:00 kamar kullum, lokacin shiga ma yana nan ƙarfe 8:00 na safe. Za a koma tashi ƙarfe 2:00 ranar Litinin 9 ga Nuwamba.
>
> Dalili shi ne gyaran rufin wasu azuzuwa. Masu aiki za su riƙa farawa ƙarfe 1:00, kuma ba ma son kowane yaro ya kasance kusa da wurin a lokacin.
>
> Domin cike karatun da za a rasa, an ƙara mako ɗaya a wannan zango. Za a fara jarrabawa ranar Litinin 7 ga Disamba maimakon 30 ga Nuwamba, za a ba da hutu ranar Juma'a 18 ga Disamba maimakon 11 ga Disamba. Ranar komawa ba ta canza ba, tana nan Litinin 11 ga Janairu, 2027.
>
> Motar makaranta za ta riƙa tashi ƙarfe 12:40. Yaron da ba a samu zuwa ɗaukarsa da wuri ba zai jira a ɗakin karatu, nesa da wurin aiki, tare da malami, har zuwa ƙarfe 2:00. Duk wanda yake bukatar haka ya nuna a ƙasan wannan takarda.
>
> Muna roƙo a cike ƙasan takardar a ba yaro ya dawo wa malamin ajinsa da shi kafin ko ranar Juma'a 2 ga Oktoba. Mai tambaya ya kira lambar ofis da ke sama daga ƙarfe 8:00 zuwa ƙarfe 2:00. Mun san wannan zai taɓa tsarin gidaje da yawa, muna ba da haƙuri, mun kuma gode.
>
> Sa hannun shugaban makaranta da hatimi

A ƙasa sai a ja layin yankewa, a sa gurbin sunan yaro, ajinsa, sa hannun uba ko uwa ko mai riƙo, lambar waya, da akwati biyu na zaɓi: "Za a ɗauke shi ƙarfe 12:30" da "Zai jira har ƙarfe 2:00".

Yanzu bari mu dubi wasu wurare a cikinta da kyau.

Kowace muhimmiyar rana an rubuta ta da sunan ranar mako, da lamba, da sunan wata a rubuce. Kada ka rubuta 12/10/2026, domin wani zai karanta 12 ga Oktoba, wani kuma, musamman wanda wayarsa ko kwamfutarsa ta saba masa da sa wata a gaba, zai karanta 10 ga Disamba. Kada kuma ka rubuta "mako mai zuwa" ko "gobe". Takarda tana iya kwana uku a jakar yaro, sannan "gobe" ya riga ya zama shekaranjiya. Sa sunan rana yana da wani amfani kuma: shi ne yake kama kuskure. Idan ka rubuta Litinin 13 ga Oktoba alhali 13 Talata ce, mai karantawa da kalanda a hannu zai gani. Amma idan kuskuren ya fita har gidaje, rabin iyaye za su bi sunan rana, rabi su bi lamba. Shi ya sa kafin a buga, wani mutum dabam, ba wanda ya rubuta ba, ya zauna da kalanda ya duba ranakun ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rubuta abin da yake nufi yake gani, ba abin da ke kan takarda ba. Wannan kuskure ya fi faruwa idan aka ɗauko takardar bara aka sauya 'yan kalmomi, domin ranar mako tana gusawa da kwana ɗaya kowace shekara, wani lokaci biyu idan an ratsa 29 ga Fabrairu.

Kalmar "zuwa" ma tana da rikici. "Zuwa 6 ga Nuwamba" yana nufin ranar 6 tana ciki ko ba ta ciki? Maimakon a tsaya gardama, takardar ta faɗi ranar da za a koma tsohon lokaci da sunanta. Haka zancen hutu: a bayyana ko ranar da aka ambata ita ce ranar ƙarshe da yara za su zo, ko kuwa ranar farko ta zaman gida. A misalinmu "za a ba da hutu ranar Juma'a" yana nufin yara za su zo ranar. Idan kana shakkar za a fahimta, ƙara rabin layi ka ce ita ce ranar ƙarshe ta zuwa makaranta.

An ambaci tsohon lokaci sau ɗaya a gefen sabo, kuma sabon ne za a yi wa baƙin rubutu wajen bugawa. Ambaton tsohon yana sa mai karatu ya gane cewa sauyi ne, ba tunatarwa ba. Sannan an faɗi abubuwan da ba su canza ba: Juma'a, lokacin shiga, ranar komawa. Wannan na ganin kamar ɓata wuri ne, amma rabin kiran wayar da ofis zai sha a kan waɗannan ne. Da zarar mutum ya ji an ɗaga hutu, abin da zai zo masa shi ne ko an ɗaga komawa ma.

Dalili kuwa jimla biyu, kuma gaskiya. "Saboda wasu dalilai da suka fi ƙarfinmu" ba ya kwantar wa kowa da hankali, ƙofa ce yake buɗe wa jita-jita, kafin yamma an ce malamai ne suka ƙi aiki ko gini ne zai rushe. Idan dalilin ya shafi sirrin wani, kamar rashin lafiyar ma'aikaci, a faɗi nau'insa kawai, a ce ƙarancin malamai na ɗan lokaci, ba tare da suna ba.

Sakin layin da ya fi kowane nauyi a wurina shi ne na yaron da ba za a iya ɗauka da wuri ba. Akwai gidajen da uwa da uba duka suna wurin aiki a wannan lokaci, akwai waɗanda yayan yaron ne yake biyowa ya ɗauke shi bayan an tashe shi daga tasa makarantar. Takardar da ta ce "a tabbata an zo a kan lokaci" ta yi shiru, ta jefa wa iyaye matsalar ne kawai, kuma yaran za su ƙare a bakin titi. Faɗi inda za su zauna, da wanda zai kula da su, da lokacin da kulawar za ta ƙare. Amma kada ka rubuta alkawarin da ba ka riga ka tsara ba. Sai ka san sunan malamin da zai zauna ranar Litinin da na ranar Talata kafin wannan layi ya shiga takarda.

Isar da ita

Ba da tazara gwargwadon girman sauyin. A ganina mako biyu shi ne mafi ƙaranci ga sauyin lokacin tashi da aka san da zuwansa, shi ya sa takardar misalinmu ta fita 28 ga Satumba don abin da zai fara 12 ga Oktoba. Ranakun zango suna son fiye da haka, wata guda ko sama, domin mutane suna ɗaura tafiya da hutun aiki a kansu. Makarantar kwana ta fi kowa bukatar tazara, tunda wasu iyayen daga nesa za su taso.

A raba takardar a farkon mako, a darasin ƙarshe, malamin aji ya karanta wa yara ita sannan ya tsaya har kowa ya sa a jaka. Takardar da aka raba da safe kafin tara ta zama jirgin sama. Malami ya duba rajista ya rubuta sunayen waɗanda ba su zo ba ranar, a ajiye musu tasu. Waɗannan su ne aka fi mantawa, kuma su ne za ka gani a bakin ƙofa ranar farko.

Takarda kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da waya. Idan makaranta tana da zauren iyaye a WhatsApp, a tura hoton takardar mai sa hannu da hatimi, ko a tura ta a matsayin PDF, domin rubutu zalla kowa zai iya sauya masa lamba ya tura gaba. A biyo da saƙon murya na minti ɗaya saboda iyayen da karatu yake yi wa wuya. Wanda zai yi muryar ya karanta daga takardar, kada ya faɗa da ka.

Saƙon tes yana isa ga mai ƙaramar waya, amma yana da iyaka. Saƙo ɗaya harafi 160 yake ɗauka, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ ko ɓ, iyakar takan faɗo zuwa 70, saƙon ya rabu gida biyu ko uku, kuɗinsa ya ninka, a wasu tsofaffin wayoyi ma harafin ya fito a matsayin akwati. Saboda haka zaɓi kalmomin da ba su da lanƙwasa:

> Iyaye: daga Litinin 12 Oktoba zuwa Juma'a 6 Nuwamba za a tashi yara 12:30 na rana, ba 2:00 ba. Juma'a 12:00 kamar kullum. Hutu 18 Disamba. Shugaban makaranta

Wannan ya shiga cikin 160. Abin kiyayewa shi ne lambobin da ke cikin tes, da murya, da takarda, da allon sanarwa na bakin ƙofa su zama iri ɗaya sak. Mutum ɗaya ya fitar da su duka daga takarda ɗaya.

Yadda za ka san ta isa

Ƙasan takardar da ake dawowa da shi shi ne ma'auninka. Ranar Juma'a 2 ga Oktoba kowane malami ya ƙirga nasa ya kawo ofis. A ce aji mai yara 40 ya dawo da 31. Tara ɗin da suka rage ba sai an sake buga musu takarda ba, waya za a kira, ɗaya bayan ɗaya, a cikin makon da ya rage, a sa alama a gaban sunan duk wanda aka samu. A nan ne za ka gano lambobin da suka daina aiki, ka gyara rajistarka. Daga akwatunan zaɓi kuma za ka san yara nawa za su jira. Idan 15 ne, malami ɗaya ya isa. Idan 90 ne, ɗakin karatu ba zai ɗauke su ba, kuma kana da mako guda ka sake shiri.

Kula da irin tambayoyin da ake yi a waya. Idan mutum uku suka yi tambaya iri ɗaya, laifin takarda ne, ba na iyaye ba, sai a fayyace wannan wuri a tunatarwar da za a tura ranar Juma'a 9 ga Oktoba. Ranar Litinin ta farko shugaban makaranta da kansa ya tsaya a ƙofa daga 12:30, da rajistar lambobin waya a hannu. Duk yaron da ya kai ƙarfe 1:00 ba a zo ba kuma sunansa ba ya cikin masu jira, a kai shi ɗakin karatu a kira gida. Kada a sallami ƙaramin yaro ya tafi shi kaɗai don kawai an aika takarda.

Idan aikin rufin ya zarce, ko aka gano kuskure bayan takarda ta fita, kada a gyara tsohuwar a sake turawa shiru, domin kwafi biyu masu kama da juna za su riƙa yawo ba a san na bi ba. A fitar da sabuwa mai sabuwar rana, kan maganarta ya fara da kalmar "Gyara", layinta na farko ya ce wannan takarda ta soke ta ranar 28 ga Satumba, sannan ta sake jero dukkan ranakun, har da waɗanda ba su canza ba. A cire tsohuwar daga allon sanarwa a ranar. Kuma ko komai ya tafi daidai, a tura gajeren saƙo ranar Juma'a 6 ga Nuwamba cewa daga Litinin an koma ƙarfe 2:00, in ba haka ba za ka tarar da iyaye sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa tun 12:30 suna jiran yaran da ke da sauran darasi biyu.